Yadda ake warware lissafin da ya ƙi haɗuwa ko amsarsa ta yi yawa da sudo-inbas (A⁺)

Salamu alaikum jama'a, musamman ƙannena da ke karatun lissafi ko injiniya a Ngaundere da Marwa da Garwa, har da na Njamena. Akwai wani wuri da kusan kowa yake tsayawa cak in an zo kan Ax = b, wato lokacin da matiris ɗin A ba shi da inbas. A lise an koya mana cewa in detarminan ya ba da sifili toh shikenan, ko dai babu amsa ko amsa ta yi yawa, sai a ja layi a wuce. Amma a wajen aiki ba ka da damar jan layi, mutum ya yi awo yana jiran ka ba shi lamba, kuma kusan duk awon da aka yi da hannu da ido a haka yake zuwa, ko ya ƙi haɗuwa ko ya kasa isa. Sudo-inbas, wanda ake rubutawa A⁺, shi ne abin da ke ba ka amsa guda ɗaya tak a kowane hali, x = A⁺b. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne wannan amsar zaɓi ce aka yi maka bisa ƙa'ida biyu, kuma sai ka san wane ɓangare na amsar ya fito daga awo, wane ɓangare ya fito daga ƙa'idar, sannan za ka iya amfani da ita ba tare da ka cuci kanka ba.

Ƙa'idar ta farko: a cikin duk x ɗin duniya, a ɗauki wanda zai sa ragowa r = b − Ax ta zama mafi ƙanƙanta, ana auna ta da jimlar murabba'in lambobinta. Ta biyu: in waɗanda suka cika wannan sharaɗin suna da yawa, a ɗauki wanda shi kansa x ɗin ya fi gajarta, wato jimlar murabba'in lambobinsa ta fi ƙanƙanta. Jerin yana da muhimmanci, ragowa ake fara dubawa, gajartar x tana zuwa ne daga baya dan raba gardama kawai.

Misalin da za mu bi har ƙarshe

Mu ɗauka ana son haƙa magudanar ruwa a gonar shinkafa, irin na gefen Lagdo ko Yagwa, dole a san wane wuri ya fi wani tudu in ba haka ba ruwa zai kwanta a tsakiya. An kafa turaku uku a ƙasa, tsayinsu x1, x2, x3 a santimita. Na'urar nibo da sandar awo ba sa gaya maka tsayin turke, bambanci tsakanin turaku biyu kawai suke ba ka. Mai awo ya dawo da lamba uku:

x2 − x1 = 12
x3 − x2 = 9
x3 − x1 = 24

Ka duba da kyau. In daga turke na ɗaya zuwa na biyu an hau 12, daga na biyu zuwa na uku an hau 9, toh daga na ɗaya zuwa na uku ya kamata a hau 21, amma awo ya ce 24. Santimita 3 sun yi tsalle. Babu wasu lambobi uku a duniya da za su cika layukan nan uku gaba ɗaya, wannan shi ne ƙin haɗuwa. Sannan ga matsala ta biyu a ɓoye, ko da awon ya haɗu daidai, in ka ƙara 100 a kan kowane turke bambancin ba zai canza ba, dan haka amsa ba ta da iyaka. Na zaɓi wannan misalin ne saboda cutar biyu duk tana jikinsa lokaci ɗaya, kuma ba wai ƙirƙirar aji ba ce, masu awon ƙasa da ita suke fama kullum. Cikin mutum uku da ake danganta A⁺ da su ma ɗaya mai awon ƙasa ne, Arne Bjerhammar ɗan Suwidin a 1951. Kafin shi E. H. Moore na Jami'ar Chicago ya kawo shi a 1920, sai Roger Penrose ya sake gano shi a 1955 ya tsara shi da sharuɗɗa huɗu, shi ya sa ake cewa na Moore da Penrose.

Mataki na farko, rubuta A da b

Kowane awo layi ɗaya ne, kowane abin da ba a sani ba ginshiƙi ɗaya ne. Inda turke bai shiga awon ba sai ka sa sifili.

```
A = [ -1   1   0 ]      b = [ 12 ]
    [  0  -1   1 ]          [  9 ]
    [ -1   0   1 ]          [ 24 ]
```

Nan ne ma ake yawan yin kuskure kafin a fara lissafi, alamar ragi. Ka karanta kowane layi da baki, layi na farko yana cewa ragi x1 haɗa x2 daidai da 12, in ya dace da takardar mai awo sai ka wuce.

Mataki na biyu, nemo rang kafin ka taɓa kowace dabara

Rang shi ne yawan layukan da kowanne ya kawo sabon labari. A nan layi na uku na A ba komai ba ne sai layi na ɗaya haɗe da na biyu, (−1, 1, 0) da (0, −1, 1) sun ba da (−1, 0, 1). Kenan rang 2 ne duk da matiris ɗin uku sau uku ne. Kada siffar matiris ta ruɗe ka, wai dan layuka sun yi daidai da ginshiƙai sai ka ɗauka yana da inbas. Rang ne yake yanke hukunci, kuma hanya uku ce.

In rang ya kai yawan ginshiƙai, wato awo ya ishi kowane abin da ba a sani ba har ya yi rara, A⁺ = (AᵀA)⁻¹Aᵀ. In rang ya kai yawan layuka, wato awo bai saɓa wa juna ba amma bai isa ba, A⁺ = Aᵀ(AAᵀ)⁻¹. In kuma rang bai kai yawan ginshiƙai ba kuma bai kai yawan layuka ba, kamar namu, duka dabarun biyu sun mutu saboda AᵀA da AAᵀ duk ba su da inbas, sai a koma SVD, dabarar fasa matiris gida uku da za mu gani a mataki na uku. Aᵀ ɗin nan dai matiris ɗin ne aka juya, layuka suka zama ginshiƙai.

Bari mu ɗanɗana biyun farko a kan turakunmu kafin mu je babba, dan hannu ya saba.

Ka ce turke na ɗaya shi ne ma'auni, ka ɗaure shi a sifili, x1 = 0. Ginshiƙi na farko ya fita, saura x2 da x3 da awo uku. Layukan sun zama (1, 0), (−1, 1), (0, 1). AᵀA ya zama layi (2, −1) da layi (−1, 2), detarminan ɗinsa 4 − 1 = 3, inbas ɗinsa kuma ɗaya bisa uku sau layi (2, 1) da (1, 2). Aᵀb shi ne (12 − 9, 9 + 24) wato (3, 33). Sai ka ninka, x2 = (6 + 33)/3 = 13, x3 = (3 + 66)/3 = 23. Amsa (0, 13, 23). Ka lura 12 ta koma 13, 9 ta koma 10, 24 ta koma 23, an raba santimita ukun nan kowane awo ya ɗauki ɗaya. Wannan ita ce tsohuwar dabarar mafi ƙarancin murabba'i da Legendre ya buga a 1805, Gauss kuma a 1809.

Yanzu ɗayan. Ka ce awo na uku ba a yi shi ba sam, awo biyu kawai gare ka da turaku uku, kuma ba ka ɗaure kowa ba. A ya zama layi (−1, 1, 0) da (0, −1, 1), b kuma (12, 9). AAᵀ ya sake ba da (2, −1) da (−1, 2). Ka ninka inbas ɗinsa da b, (24 + 9)/3 = 11 da (12 + 18)/3 = 10. Sai ka ninka Aᵀ da (11, 10), ka samu x = (−11, 1, 10). Gwada, 1 − (−11) = 12, 10 − 1 = 9, ragowa sifili. Amsoshi ba iyaka suke cika awon nan biyu, amma wannan ce mafi gajarta, kuma alamarta ita ce jimlar lambobinta sifili ne. Riƙe wannan alamar, za ta dawo.

Mataki na uku, SVD, nan ne asalin aikin

Kowane matiris, ko wace siffa gare shi, ana iya fasa shi gida uku, A = UΣVᵀ. Ginshiƙan V hanyoyi ne a ɓangaren abubuwan da ba a sani ba, ginshiƙan U hanyoyi ne a ɓangaren awo, kowanne tsawonsa ɗaya kuma suna tsaye ƙyam a kan juna. Σ kuma lambobi ne a kan layin kwana, sigma, ba sa zama ƙasa da sifili, an jera su daga babba zuwa ƙarami. Ma'anarsu mai sauƙi ce, in ka motsa x taku ɗaya ta hanyar v1, awo zai motsa taku σ1 ta hanyar u1. Sigma babba na nufin awo yana jin wannan motsin sosai. Sigma sifili na nufin ko me ka yi ta wannan hanyar awo ba zai ji komai ba.

Da hannu ga yadda ake yi. Lissafa AᵀA, a namu ya ba da 2 a kan layin kwana, −1 a duk sauran gurabe. Nemo balo-porop ɗinsa, wato lambobin λ da suke cika AᵀAv = λv, za ka samu 3, 3 da 0. Sigma su ne tushen murabba'insu, √3, √3 da 0. Yawan sigma da ba sifili ba shi ne rang, ga 2 ɗinmu ta sake fitowa. Hanyoyin V za mu iya ɗaukar v1 = (1, 0, −1)/√2, v2 = (1, −2, 1)/√6, v3 = (1, 1, 1)/√3. Tunda sigma biyun farko ɗaya ne kwamfuta za ta iya ba ka wasu v1 da v2 daban da nawa, kada hankalinka ya tashi, amsar ƙarshe ba ta canzawa. Sannan kowane u ana samunsa da u = Av/σ, sai u1 = (−1, −1, −2)/√6, u2 = (−1, 1, 0)/√2. Na uku ba za a iya rabawa da sifili ba, ana ɗaukar wanda ya tsaya ƙyam a kan biyun, u3 = (1, 1, −1)/√3.

Ka ɗan tsaya a kan v3 da u3 dan wlh duk labarin yana jikinsu. v3 ita ce (1, 1, 1), ɗaga turaku uku tare, abin da nibo ba zai taɓa gani ba. Ita ce tushen yawan amsa, ita ake kira noyo na A. u3 kuma ita ce (1, 1, −1), awo na ɗaya haɗa na biyu cire na uku, wato zagayen da ya kamata ya rufe a sifili. Ka ninka ta da b, 12 + 9 − 24 = −3, ga santimita ukun da suka ƙi haɗuwa. Babu wani x da zai iya samar da motsi ta hanyar u3, dan haka duk abin da b ya ɗauko ta nan ragowa ce dole.

Toh A⁺ = VΣ⁺Uᵀ, inda Σ⁺ ake samunsa da juya kowace sigma da ba sifili ba zuwa 1/σ, sifili kuma a bar ta sifili, in matiris ɗin ba murabba'i ba ne a juya siffarsa ma. Barin sifilin nan shi yake yin aikin biyu a tare, ya watsar da ɓangaren b da ba zai haɗu ba, kuma ya hana x ɗaukar komai ta hanyar v3. A aikace ba sai ka gina A⁺ ba, ka bi kowace sigma ɗaya bayan ɗaya, ka ninka u da b, ka raba da σ, ka ninka da v, ka tara.

Ta farko: u1 sau b = (−12 − 9 − 48)/√6 = −69/√6. Raba da √3, ninka da v1, ƙasan ya zama √6·√3·√2 = 6, kenan −11.5 sau (1, 0, −1), wato (−11.5, 0, 11.5).

Ta biyu: u2 sau b = (−12 + 9)/√2 = −3/√2. Ƙasan ya sake zama 6, kenan −0.5 sau (1, −2, 1), wato (−0.5, 1, −0.5).

Ta uku an tsallake ta. Tara biyun, x = (−12, 1, 11).

A wannan matiris ɗin kaɗai, saboda sigma biyun daidai suke, A⁺ ya fito Aᵀ/3 cif, kana iya gwadawa, Aᵀb = (−36, 3, 33), raba uku (−12, 1, 11). Amma fa kada ka ɗauke shi doka, sa'ar wannan misalin ce.

Mataki na huɗu, bincika amsar

Ban yarda mutum ya miƙa amsa bai yi gwajin nan biyu ba, ba sa cin minti biyu. Na farko, lissafa Ax, ya ba da (13, 10, 23), ragowa r = b − Ax = (−1, −1, 1). Ninka Aᵀ da r, dole ya ba da sifili a ko'ina, a nan 1 − 1, −1 + 1, −1 + 1, duk sifili. Wannan ya tabbatar ba wani x da zai rage ragowar ƙasa da haka, jimlar murabba'inta 3. Na biyu, x ya tsaya ƙyam a kan noyo, wato x sau (1, 1, 1) ya zama sifili, −12 + 1 + 11 = 0. Wannan ya tabbatar shi ne mafi gajarta.

In kana son ganin dalili da idonka, duk amsoshin da ke da wannan ragowar su ne (−12 + t, 1 + t, 11 + t) ga kowace t. Jimlar murabba'insu 266 + 3t², kaga ba inda za ta fi ƙanƙanta sai a t = 0. Amsar da muka samu ɗazu da muka ɗaure turke na ɗaya, (0, 13, 23), tana cikin dangin nan, t = 12 ce, murabba'inta 698. A rubuce gaba ɗaya dangin shi ne x = A⁺b + (I − A⁺A)w, w kowane bektar ne. Haka kuma in kana son sanin ko lissafi yana haɗuwa tun farko, duba ko AA⁺b daidai yake da b, a namu (13, 10, 23) ya saɓa da (12, 9, 24), bai haɗu ba.

Yanzu tambayar da ta fi komai, me za ka gaya wa mai gona? Ba za ka ce masa turke na ɗaya yana ƙasa da sifili da santimita 12 ba, sifilin me? Abin da awo ya faɗa shi ne bambanci, 13 da 10 da 23, wannan kowace amsa a dangin ta yarda da shi. Amma −12 ɗin kanta ƙa'idar gajarta ce ta kawo ta, ta ɗauki matsakaicin tsayin turakun ta mai da shi sifili. In akwai born ɗin siminti da aka san tsayinsa a kusa, ka haɗa shi cikin awo, rang ya cika, ba ka buƙatar a zaɓa maka. Mafi gajarta ba ta nufin mafi gaskiya, tana nufin ba a ƙara komai ta inda awo bai ce komai ba.

Mataki na biyar, a kwamfuta

Da Python da NumPy haka yake:

```python
import numpy as np
A = np.array([[-1., 1, 0], [0, -1, 1], [-1, 0, 1]])
b = np.array([12., 9, 24])
x, res, rank, s = np.linalg.lstsq(A, b, rcond=None)
print(x, rank, s)
print(np.linalg.pinv(A) @ b)
```

Duka biyun za su ba ka −12, 1, 11, `rank` ya nuna 2. In b ɗaya gare ka `lstsq` ya ishe ka, kuma na fi son shi dan yana ba ka rang da sigma kyauta, `pinv` sai in matiris ɗin A⁺ kansa kake son gani ko za ka yi ta ninka shi da b daban daban. Abu ɗaya da ke ruɗa mutane, `res` zai dawo fanko a nan, ba ɓaci ba ne, haka yake yi in rang bai cika ba ko layuka ba su fi ginshiƙai yawa ba, sai ka lissafa `b - A @ x` da kanka.

Masu MATLAB ku yi hattara da `A\b`. In matiris murabba'i ne marar inbas irin namu gargaɗi zai ba ka, abin da ya fito ba abin dogaro ba ne. In kuma ba murabba'i ba ne kuma amsa ta yi yawa, yana ba da amsar da aka cika ta da sifili a wasu gurabe, ragowarta daidai ce amma ba ita ce mafi gajarta ba. Abin da kake so shi ne `pinv(A)*b` ko `lsqminnorm(A,b)`. Sannan a kowane yare kada ka rubuta `inv(A.T @ A)` dan ka ga dabarar a littafi. In rang bai cika ba zai fashe ko ya ba ka lambobi masu ban tsoro, in ma ya cika, ninka Aᵀ da A yana mai da kowace sigma murabba'inta, ratar da ke tsakanin babba da ƙarama in dubu ce sai ta zama miliyan, lambobin bayan ɗigo su lalace. Da hannu a kan uku sau uku ba laifi, a kwamfuta a bar wa SVD.

Inda abin ke ɓaci: sigma ƙarama wadda ba sifili ba

Wannan shi ne ramin da ya fi zurfi. A takarda sigma ko sifili ce ko ba sifili ba. A kwamfuta sigma ta uku ba lalle ta fito sifili cif ba, wata 'yar lamba ce kamar 1e-16 ko ƙasa, dan haka dole a sa iyaka, duk sigmar da ta gaza iyakar a ɗauke ta sifili. A `pinv` na NumPy iyakar da aka saba ita ce 1e-15 sau babbar sigma. Wannan iyakar an yi ta ne dan kurakuran zagaye lamba na cikin injin, ba dan kurakuran awonka ba.

Ga abin da zai faru. Mu ce lambobin cikin A su ma daga wani awo ko lissafi suka fito, sai −1 ta farko ta zo a −1.001. Bambancin ɗaya bisa dubu ne, ido ma ba zai kula ba. Yanzu matiris ɗin yana da inbas, rang ya zama 3, sigma ta uku wajen 0.00033, ta fi iyakar nesa ba kusa ba, dan haka za a juya ta, 1/σ ya kai wajen 3000. Warware da hannu ka gani, layi na uku cire na biyu ya ba da x2 − x1 = 15, sa shi a layi na farko, 15 − 0.001·x1 = 12, kenan x1 = 3000. Amsa ta zama (3000, 3015, 3024), ragowa sifili cif. Daga −12 an tashi zuwa mita 30, kuma bambancin ya koma 15, 9, 24, an jibge wa awo na farko duk kuskuren. Kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba, a wajenta ta ma yi aiki mai kyau tunda ragowa ta ɓace.

Yadda za ka gane shi ne, kullum ka buga sigma ka kalle su. Za ka ga biyu suna wajen 1.73, ta uku 0.00033, rami ne a tsakani, an faɗo sau dubu biyar. Alama ta biyu, x ya kumbura fiye da hankali alhali ragowa ta yi kyau fiye da yadda na'urarka za ta iya. Alama ta uku, ka canza b kaɗan, ka mai da 24 ta zama 24.1, x1 zai tashi daga 3000 zuwa 3100. Amsar da milimita ɗaya ke motsa ta mita ɗaya ba amsa ba ce. Maganin shi ne ka sa iyakar da kanka daidai da ingancin lambobinka:

```python
x = np.linalg.pinv(A, rcond=1e-2) @ b
```

Da wannan sigma ta uku ta koma sifili, amsa ta dawo kusa da (−12, 1, 11). In lambobin A ka yarda da su ne zuwa ɗaya bisa dubu kawai, duk sigmar da ta gaza wajen ɗaya bisa dubu na babbar ba ka da hujjar cewa ba sifili ba ce. Inda aka fi shan wuya shi ne in sigma suna sauka a hankali babu rami bayyananne, nan yankewa ta zama ra'ayi, sai a koma dabarar Tikhonov, x = (AᵀA + λI)⁻¹Aᵀb, wadda ke danne ƙananan sigma a hankali maimakon yanke su, kuma in λ ta doshi sifili amsarta tana komawa A⁺b.

Ma'auni yana canza amsa

Wani abin da ba a cika faɗa a aji ba, gajarta ta dogara da ma'aunin da ka rubuta x da shi. Mu ce x1 ka rubuta shi a mita, x2 da x3 a santimita, ginshiƙi na farko sai ya zama −100 a maimakon −1. Lissafin ƙasa bai canza ba ko kaɗan, amma yanzu lambar x1 ta zama 'yar ƙarama, ƙa'idar gajarta ba ta damu da ita ba, sai ta mai da hankali kan rage x2 da x3 kawai. Amsa in ka mai da ita santimita za ta zama kusan (−18, −5, 5). Bambancin na nan, 13 da 10, amma an zaɓi wani ɗan dangin daban. Dan haka in abubuwan da kake nema jinsinsu daban ne, wani kilo wani sefa wani awa, ka daidaita ginshiƙai tukuna su zama girmansu kusa, in ba haka ba ma'auni ne zai zaɓa maka amsa ba tare da ka sani ba. In rang ya kai yawan ginshiƙai wannan matsalar ba ta taso ba tunda amsa ɗaya ce dama.

Layuka ma haka. Rabon ɗaya ɗaya da muka yi ya ɗauka awo ukun ingancinsu ɗaya ne. In awo na uku an yi shi daga nesa cikin ƙurar hunturu sandar ma da ƙyar ake karanta ta, bai kamata ya yi nauyi ɗaya da sauran ba. Sai ka raba kowane layi na A da lambarsa ta b da girman kuskuren da kake tsammani a wannan awon, sannan ka yi A⁺. In kuskuren na uku ya ninka na sauran sau biyu, ka raba layinsa da 2, santimita ukun za su rabu 0.5, 0.5 da 2, mafi rauni ya ɗauki mafi yawa.

Sai kuskuren rubutu, wanda A⁺ ba ya iya kamawa. In mai awo ya juya lamba ya rubuta 42 a maimakon 24, ratar zagaye ta zama 21, dabarar za ta raba bakwai bakwai ta shafa wa awo biyu masu kyau laifin da ba nasu ba, ragowa (−7, −7, 7). Girman ragowar zai gaya maka akwai matsala tunda nibo ba ya kuskuren santimita 7 a ɗan wuri haka, amma da zagaye ɗaya ba yadda za a yi ka san wane awo ne mai laifin, dukansu bakwai suka nuna. Sai an ƙara turke na huɗu an auna shi da sauran ukun, awo ya zama shida, rang 3, zagaye masu zaman kansu uku. A nan kuskuren 18 ɗin nan rabinsa, wato 9, zai fito a ragowar awon da aka juya wa lamba, awo huɗu da suka haɗa turke da shi su nuna 4.5 kowanne, na shidan da bai taɓa shi ba ya nuna sifili, sai ka san layin da za a koma a sake aunawa.